Gargaɗi Ga Masu Aiko Da Kuɗi Gida: Canjin Da Ya Fi Na Kasuwa Tarko Ne

Wannan magana ta shafi duk wanda ya bar gida ya tafi neman halal a Jidda, ko Makka, ko Riyad, ko wata ƙasar daban, kuma ta shafi iyaye da mata da ƙanne da ke zaune a gida suna jiran shigowar alat a ƙarshen wata. Wata mummunar ɗabi'a tana yaɗuwa a tsakaninmu, kuma ta riga ta jefa mutane masu mutunci cikin tashin hankalin da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Ɗabi'ar ita ce miƙa guminka ga wani dillali da ka gani a zauren WhatsApp, wanda ba shi da lasisi, ba shi da shago, ba ka san gidan ubansa ba, don kawai ya ce canjinsa ya fi na kowa, ba ya cajin kuɗin aike, kuma kafin ka kashe waya naira ta isa gida.

Abubuwa biyu ake jan mutane da su: araha da sauri. Duk wanda zai cuce ka a wannan harka, da ɗaya daga cikinsu zai zo maka, ko da duka biyun. Don haka sai mu fara da sanin ainihin abin da aike yake ci, da abin da yake sa kuɗi su yi sauri ko su makale, domin wanda ya san wannan lissafi da wuya a ruɗe shi.

Kowane aike yana da kuɗi iri biyu. Akwai na fili, wanda ake rubuta maka a allon waya ko a rasit, a ce kuɗin aike riyal kaza. Akwai kuma na ɓoye, wanda ake cusawa cikin farashin canji. Na ɓoyen nan shi ya fi cin mutane, domin babu inda ake rubuta shi da sunansa. Hanyar gano shi guda ɗaya ce: ka san farashin tsakiya na kasuwa a ranar, wato wanda manyan bankuna ke cinikayya a kansa, ka gwada shi da wanda aka ba ka. Ga mazauna Saudiyya lissafin da sauƙi, domin tun shekarar 1986 riyal yake ɗaure da dala a kan riyal 3.75. Idan ka san farashin dala a naira, raba shi da 3.75, ka sami farashin riyal.

Mu ɗauki misali, mu ce dala tana naira 1,500 a ranar. Riyal ɗaya ya zama naira 400 ke nan. Direba a Jidda ya karɓi albashi, ya ware riyal 2,000 zai aiko wa mahaifiyarsa a Kano. Da a ce babu wanda zai ci ko kwabo a tsakani, naira 800,000 za ta samu. Wannan shi ne ma'auninmu, kuma duk hanyar da ya bi, da shi za mu auna ta.

Manhaja ta farko ta ce kuɗin aike riyal 15 ne. Da yake Saudiyya tana ɗora harajin kashi 15 cikin 100 a kan kuɗin hidima tun tsakiyar 2020, abin ya koma riyal 17.25. Canjinta naira 396. Idan aka cire kuɗin aike daga riyal 2,000, abin da ya rage zai sauka a matsayin naira 785,000 da 'yan kai. Aiken ya ci kusan naira 15,000, ƙasa kaɗan da kashi 2 cikin 100.

Manhaja ta biyu ta rubuta da manyan baƙaƙe cewa aike kyauta ne, amma canjinta naira 384. Riyal 2,000 ya zama naira 768,000. Aiken da aka kira kyauta ya ci naira 32,000, wato kashi 4 cikin 100, fiye da ninkin na farko. Bambancin naira 17,000 a wata, idan shekara ta zagayo ya haura naira 200,000. Wannan kuɗin makarantar yaro ne, kuma mutumin da ya yi asararsa yana nan yana yaba wa kamfanin, yana kuma jawo abokansa. Ba a yi masa ƙarya a rubuce ba, an dai nuna masa lambar da ake so ya kalla. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Babu kamfanin da zai biya ma'aikata, ya biya lasisi, ya ajiye naira a bankunan Najeriya, sannan ya yi maka aiki a banza.

Sai hanyar banki zuwa banki, wadda ake bi ta tsarin SWIFT. A nan kuɗin ba kai tsaye suke tafiya ba. Bankinka na Saudiyya zai mayar da riyal dala, ya aika umarni ta wani banki na tsakani, galibi a New York tunda dala ce, shi kuma ya miƙa wa bankin da ke hulɗa da bankin mai karɓa. Kowa na iya yankar nasa. A takardar aiken za ka ga zaɓi uku: OUR yana nufin kai za ka biya dukkan caji, BEN yana nufin a cire daga kuɗin mai karɓa, SHA kuma yana nufin kai ka biya na bankinka, sauran a cire a hanya. Mu ce bankin direban nan ya caje shi riyal 57.50 har da haraji. Ragowar ya zama dala 518. Bankin tsakani ya yanke dala 20, saura 498. Aka canza a kan 1,490, mahaifiyarsa ta sami naira 742,000. Aiken ya ci fiye da kashi 7 cikin 100. Wannan bai saɓa wa abin da Bankin Duniya yake nunawa a binciken da yake yi kan tsadar aike ba: bankuna su ne hanya mafi tsada ga ƙaramin aike, kuma ƙasashen Afirka kudu da Sahara su suka fi kowane yanki biyan tsada, wajen kashi 8 cikin 100 a kan aiken dala 200, alhali burin Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne a sauko ƙasa da kashi 3 kafin 2030.

Amma kada a yi wa banki rashin adalci. Cajinsa tsayayye ne, ba ya girma da girman kuɗi. Riyal 130 da 'yan kai ɗin da ya zama nauyi a kan 2,000, idan riyal 40,000 za ka aika na sayen fili ko kuɗin karatun jami'a, bai kai rabin kashi ɗaya cikin 100 ba. Ga shi kuma kana da takardar shaida mai suna MT103 wadda za a iya bin sawun kuɗin da ita har inda suka tsaya. Ƙa'idar ke nan: cefanen wata-wata ya fi dacewa da manhaja mai lasisi, babban kuɗi mai buƙatar shaida ya fi dacewa da banki, idan mai karɓa yana da asusun dala.

Batun sauri ma yana da nasa bayani. Manhaja tana sauri ne domin kuɗinka ba sa ƙetare teku a wannan lokacin. Kamfanin ya riga ya ajiye naira a Najeriya. Da ka danna, sai ya umarci abokin hulɗarsa ya tura daga wannan ajiya ta hanyar tiransifar cikin gida, irin wadda kowa yake yi, su kuma su daidaita lissafinsu daga baya. Shi ya sa mintuna kaɗan suke isa. Banki kuwa da ranakun aiki yake tafiya, kuma ranakun hutu ba ɗaya ba ne: Saudiyya tana hutu Juma'a da Asabar, Najeriya da Amurka Asabar da Lahadi. Wanda ya aika da yammacin Alhamis bayan an rufe aikin ranar, kada ya sa ran ganin komai kafin Litinin, sau da yawa ma sai Talata ko Laraba. Ba sata aka yi ba, kalanda ce.

Idan manhaja ta makale kuma, dalilan sanannu ne. Ko sunan da ka rubuta bai yi daidai da na asusun ba. Ko adadin ya fi abin da ka saba aikawa, sai aka tsayar don a tambaye ka shaidar albashi. Ko kuma asusun mai karɓa na matakin farko ne, irin wanda ake buɗewa a waya ba tare da cikakkun takardu ba, wanda ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ta taƙaita abin da zai riƙe zuwa naira 300,000. Tura naira 785,000 cikin irin wannan asusu neman jinkiri ne da kanka. Duk waɗannan matsaloli suna da mafita, domin akwai lambar aike, akwai ofishin da za ka kira, akwai hukumar da ke sama da kamfanin.

To, ana cikin wannan sai ga dillali. Ya ce shi riyal naira 415 yake bayarwa, ba caji, ba tambayar igama, ba iyaka, minti biyar. Riyal 2,000 a hannunsa naira 830,000 ne. Ya fi manhaja mai kyau da naira 45,000, kuma abin da ya fi muhimmanci, ya fi farashin kasuwar kanta da naira 30,000. A nan ya kamata mai hankali ya tsaya. Wane ɗan kasuwa ne yake sayen kaya da tsada fiye da yadda zai same su a kasuwa, kullum, daga hannun kowa, kuma yana roƙon a ƙara kawowa? Wa yake biyan wannan naira 30,000?

Na san amsar da za a ba ni: ai da ma haka muke yi tun da daɗewa, kuma canjin waje ya fi na banki. Gaskiya ne a da. A farkon 2023, dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a hannun 'yan canji na Wapa kuwa tana wajen 750. A wancan lokaci wanda ya bi ta banki aka biya shi naira, ya yi asarar fiye da sulusin kuɗinsa, kuma wannan giɓi shi ya koya wa mutane gudun hanyar hukuma. Amma a watan Yunin 2023 Babban Banki ya saki farashin naira ya bar wa kasuwa, sannan a ƙarshen Janairun 2024 ya sake dokar kamfanonin aike: ya cire musu takunkumin farashi, ya umarce su su riƙa biya da naira a kan farashin kasuwa, kuma duk abin da ya haura kwatankwacin dala 200 a zuba shi a asusu. Daga nan giɓin ya tsuke ya koma 'yan kaso kaɗan. Dalilin ya tafi, ɗabi'ar ta zauna, kuma mazambata sun shigo ta wannan ƙofa da aka bari a buɗe.

Tsohuwar hanyar amana da aka sani tana da tushe a ciniki. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Sabon Gari yana buƙatar riyal don sayen kaya, kai kana buƙatar naira a gida, wani sananne mai shago da suna ya haɗa ku, ya ci 'yar riba. Farashinsa ba ya nisa da na kasuwa, domin daga kasuwa yake samun kuɗin. Wanda farashinsa ya zarce kasuwa da nisa, ba daga kasuwa yake samo nairarsa ba. Hanyoyi uku ne suka fi yawa.

Ta farko, kuma mafi muni, ita ce wanke kuɗin zamba da asusun iyayenka. Ga yadda take tafiya. Abokin dillalin ya yaudari wata mata a Legas ko Fatakwal, ya ce zai sayar mata da kaya, ko ya kwashe asusun wani bayan ya yaudare shi ya karɓi lambar sirrinsa. Ba ya son kuɗin su shiga asusunsa, domin za a bi sawu. Sai ya ba wadda ya yaudara lambar asusun mahaifiyarka, wadda kai da kanka ka tura wa dillalin, ya ce ta biya a nan. Ta biya, wasu da ya yaudara ma suka biya. Mahaifiyarka ta ga alat, ta kira ka ta sa maka albarka. Kai kuma ka miƙa wa dillalin riyal mai tsabta a Jidda. Ya tsira da kuɗi wankakku, ya bar sawun sata a ƙofar gidanku. Naira 30,000 ɗin da ya ƙara maka ba ta yi masa zafi ba, tunda duka kuɗin ba nasa ba ne.

Bayan kwana biyu ko mako biyu, wadda aka yaudara ta kai ƙara. Banki ya bi kuɗin, ya tarar sun sauka a asusun wata dattijuwa a Kurna. Aka sa wa asusun takunkumin da ma'aikatan banki ke kira PND, wato kuɗi na iya shiga amma ba sa fita. Tsohuwa ta aiki jikanta wurin mai POS ya ciro dubu ashirin na cefane, na'ura ta ƙi. Aka sake gwadawa, ta ƙi. Washegari ta yafa mayafi ta hau Adaidaita zuwa banki, ta bi layi, ta isa gaban ma'aikaciya.

“Hajiya, kin san mutanen nan da suka turo miki kuɗi ranar Talata?”

“'Yar nan, ɗana ne ya aiko daga Jidda, kamar yadda ya saba.”

“Hajiya, babu sunan ɗanki a nan, babu na kamfanin aike. Mutum uku ne daban-daban, kuma ɗaya ta kai ƙara cewa damfararta aka yi. Sai kin je wurin waɗanda ke binciken.”

Ba kuɗin aiken kaɗai aka riƙe ba. Duk abin da ke cikin asusun ya tsaya, har kuɗin adashinta da na maganin hawan jininta. Da yake lambar BVN ɗaya ce ke haɗa dukkan asusun mutum, abin yana iya bin sauran asusunta. Matar da ba ta taɓa taka ofishin 'yan sanda ba, ga ta ana tambayarta alaƙarta da ɓarayi. Ta kira ɗanta, ɗan ya kira dillali, waya a kashe. Mece ce shaidarsa? Hira a WhatsApp da mutumin da ko sunansa na gaskiya bai sani ba. Ko da daga ƙarshe an gane ba ta da laifi, kuɗin da aka turo dole a mayar wa mai su, riyal ɗin kuma ya tafi. An yi ba wan ba ƙanin, ga zubar mutunci a kai.

Hanya ta biyu ita ce kiwo. Dillali zai cika alkawari a kan riyal 300, ya cika a kan 500, ya cika a kan 1,000, har ka zama mai yi masa talla a cikin 'yan ɗakinku. Shi yana jiran lokacin da kuɗi ke taruwa: gab da azumi, gab da Babbar Sallah lokacin sayen rago, ko ranar da wani ya karɓi kuɗin sallamar aiki zai aiko na gini. Ranar da ya tattara na mutum ashirin ko talatin, sai labari ya canza. Yau netiwok, gobe an rufe masa asusu, jibi ya fita daga zauren. Ribar da ka ci a aike goma ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na abin da ya tafi da shi ba.

Ta uku ita ce rasit na bogi. Ya turo maka hoton tiransifa mai ɗauke da sunan mahaifiyarka da adadin daidai, wani lokaci har da saƙon alat na ƙarya zuwa wayarta, ya ce banki ne ke jinkiri, ka sakar masa riyal. Hoto ba kuɗi ba ne, saƙon waya ma ba kuɗi ba ne. Abin da ke tabbatar da shigar kuɗi shi ne mai asusu ya duba ragowar kuɗinsa da kansa, ta manhajar bankinsa ko ta lambar da ake dannawa a waya, ya ga sun ƙaru.

Alamomin ba ɓoyayyu ba ne ga mai son gani. Idan kuɗin gida sun shigo gutsure-gutsure daga sunaye daban-daban, wannan babbar alama ce. Idan sunan mai turowa yana canzawa kowane wata, alama ce. Idan aka ce ka zuba riyal a asusun wani mutum na uku da ba ka sani ba, ko aka ce idan banki ya tambaya ka ce ɗan'uwanka ne, an riga an sa ka cikin ƙarya tun kafin a fara. Idan ana matsa maka cewa farashin na awa ɗaya ne kawai, ana so ne ka biya kafin ka yi tunani. Kamfani mai lasisi sau ɗaya yake turo kuɗi, da sunansa ko na abokin hulɗarsa a jiki, kuma yana ba ka lambar aike.

Akwai ɗaya gefen, kuma gargaɗinsa ya fi shafar masu igama. Ana zuwa wurinsu a ce, ga riyal dubu biyar ka tura mana da manhajarka, ka ɗauki ɗari. Duk abin da ya fita da sunanka, kai ne mai shi a idon hukuma. Bankunan Saudiyya sun san albashin da ke shiga asusunka. Ma'aikacin da ke ɗaukar riyal 1,800 a wata amma yana aika 15,000, shi da kansa ya kira masu bincike. Dokar hana halatta kuɗin haram ta Saudiyya ta tanadi ɗaurin da ke iya kaiwa shekara goma da tarar da ke iya kaiwa riyal miliyan biyar, sannan a kori baƙo daga ƙasar bayan ya gama zaman kaso. Cewa ban san asalin kuɗin ba ba ya hana a rufe asusu a tsare mutum kafin a gama bincike. Wanda ya sayar da sunansa a kan riyal ɗari, ya yi arahar kansa.

Ban manta da 'yan'uwanmu da ba su da takardu ba, waɗanda manhaja da banki duk a rufe suke gare su. Gaskiyar da za a faɗa musu ita ce, babu hanya mara haɗari a wurinsu, kuma aika kuɗi ta hannun marar lasisi saɓa dokar ƙasar ne. Wanda ya san halinsa haka yake, aƙalla kada ya ƙara wa kansa da iyayensa bala'i da kwaɗayin farashi. Kada ya amince wa wanda bai san asalinsa ba, kada ya yarda a biya gidansu daga asusun baƙi, kada ya tara kuɗin shekara ya miƙa wa mutum ɗaya a rana ɗaya. Kuma ya sani cewa idan ya roƙi abokinsa mai igama ya riƙa tura masa, nauyi yake ɗora masa wanda zai iya raba shi da aikinsa.

Ta fuskar addini ma maganar ba ta da sassauci. Malamai sun yi ittifaƙi cewa canjin kuɗi da kuɗi sai an yi shi hannu da hannu, kuma malaman fiƙihu na wannan zamani sun ɗauki shigar kuɗi cikin asusu a matsayin karɓa. Miƙa riyal yau a kan alkawarin naira sai yadda ta yiwu, ya kamata mai tsoron Allah ya tambayi malami a kansa. Wanda kuma ya ga alamun cewa kuɗin mutane ne ake zubowa gidansu, ya rufe ido saboda ƙarin dubu talatin, ya tuna cewa akwai wata uwa a wani gari tana kuka a kan waɗannan kuɗi, kuma da su aka yi tuwon gidansu.

Abin yi ba shi da wahala. Kafin ka aika, duba farashin dala na ranar, raba da 3.75. Buɗe manhajoji biyu ko uku masu lasisi, ka sa adadi ɗaya a kowacce, kada ka kalli kuɗin aike, ka kalli layin ƙarshe da ke nuna nawa mai karɓa zai samu, ka kuma haɗa da jimillar abin da zai fita daga aljihunka. Ka yi hattara da farashin maraba da ake ba sabon shiga, domin na aiken farko ne kawai, na biyu shi ne na gaskiya. Masu aika Yuro zuwa Maraɗi ko Damagaram nasu ya fi sauƙi, tunda sefa a ɗaure take da Yuro a kan 655.957, duk abin da ya gaza haka caji ne ko da ba a kira shi caji ba. Lasisi kuwa ana tabbatar da shi a ɓangarori biyu: babban bankin ƙasar da kake zaune yana da jerin waɗanda ya amince da su, Babban Bankin Najeriya ma yana wallafa jerin kamfanonin aiken da ya ba izini.

Ka kuma tambayi kanka ko gaggawar ta gaske ce. Mara lafiya a asibiti ana jiran kuɗin tiyata, biya abin da za a biya kuɗi su isa yanzu, ta manhaja mai lasisi, wadda saurinta bai gaza na dillali ba. Kuɗin cefane da na makaranta kuwa ranarsu sananniya ce, ka aika da kwana biyu a gaba, ka zaɓi mafi araha ko da ta fi jinkiri. Sabon asusu ko sabuwar manhaja, fara da ƙaramin abu ka ga saukarsa. Idan kuɗi sun makale, nemi lambar da ake kira Session ID daga kamfanin, mai karɓa ya kai wa bankinsa, da ita ake gano inda tiransifar ta tsaya. Idan banki bai warware ba cikin mako biyu, akwai sashen kare haƙƙin masu hulɗa a Babban Banki. Wanda ya bi dillali ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan ƙofofi.

Ku kuma iyaye da mata da ƙanne da ke gida, asusun naku ne, ku za a fara kira. Ku duba sunan wanda ya turo kowane kuɗi. Idan baƙon suna ne, kada ku taɓa kuɗin, ku kira mai aikowa ku tambaye shi ta ina ya bi, ku je banki da kanku ku sanar kafin a neme ku. Ku daina matsa wa 'ya'yanku da cewa ɗan gidan wane ya fi samun canji mai kyau, domin irin wannan magana ce ke tura su hannun mazambata. Shugabannin ƙungiyoyinmu na ƙasashen waje da masu kula da zaurukan WhatsApp, ku daina barin tallar canji a zaurukanku. Wanda ya ga talla a zauren 'yan garinsu yana ɗauka kun tantance mai ita, kuma idan aka cuce shi kuna da kaso a alhakin.

Masu wannan sana'a kuwa, da masu ba su aron asusu, da masu yi musu talla don a ba su lada, ku ji tsoron Allah. Gumin lebura da mai aikin gida da direba kuke ci, kuna jefa tsofaffi a hannun hukuma a kan laifin da ku kuka aikata. Idan kun kuɓuce wa EFCC, akwai ranar da babu canza lambar waya.

Wanda ya riga ya faɗa, ya dakata daga yau, ya adana duk hirarraki da rasit, ya gaya wa na gida gaskiya tun kafin banki ya gaya musu. Wanda bai faɗa ba, ya isar da wannan gargaɗi ga abokin ɗakinsa. Allah Ya tsare mana halal ɗinmu, Ya kare mutuncin iyayenmu, Ya raba mu da kwaɗayin da ke kai mutum ga da-na-sani.